Wahalar rezonans ba a zana kibiya take ba, a ƙirga take

Ina ɗan koyar da kemistiri da yamma a wani ɗakin lesin a Unguwar Rimi, yawancin masu zuwa 'yan aji biyu ne na jami'a da suka shiga oganik suka ji wuta, kuma duk shekara tambaya ɗaya ce ke raba mini su gida biyu. Zan rubuta wannan a allo in ce kowa ya zana ɗaya zanen rezonans ɗin sa, sannan ya gaya min wanne ne babba:

```
CH3–O–CH2(+)
```

Zanen kam yawanci suna samu. Amma da an zo wanne ne babba sai kusan kowa ya ɗaga hannu ya ce na farkon, wai ai oksijin baya son fozitif caji, shi mai kwaɗayin ilektiron ne. Akwai wata ɗaliba daga Tudun Wada da ta tsaya min a kai sosai, tace "Malam ai kai da bakin ka ka ce negatif caji ya fi jin daɗin zama a kan oksijin, toh ta yaya kuma yau zaka ɗora masa fozitif kace shine daidai?" Kuma gaskiyar ta, ni na faɗa. Abun da ban jaddada musu ba shine dokokin nan suna da babba da ƙarami, ba a jere suke kafaɗa da kafaɗa ba, wata sai wata ta gama magana tukun take buɗe baki.

Amma bari mu fara daga tushe, dan rabin kuskuren daga fahimtar me rezonans ɗin yake nufi ne. Mutane da yawa suna ɗauka molikul ɗin yana tsalle ne, yanzu yana zane na ɗaya anjima ya koma na biyu, kamar ɗan adaidaita mai zirga-zirga tsakanin Kawo da Kasuwa. Sam ba haka bane. Molikul ɗin ɗaya ne, a zaune yake da siffa ɗaya, mu ne salon zanen mu na layi da ɗigo ya kasa nuna shi a hoto guda, sai mu zana biyu ko uku mu ce gaskiyar tana tsakanin su. Ni da fura da nono nake misali, in an dama an gama, ba wai cokalin farko fura ne na biyu nono ba, kowane cokali haɗin ne, kuma in nonon ya fi yawa ɗanɗanon zai fi karkata can. Zanen da muke ce ma babba shine wanda ya fi yawa a damun. Inda misalin ya gaza shine fura da nono kowanne akwai shi da kansa kafin a dama, su kuwa zanen rezonans babu wanda za'a iya kamawa a sa a kwalba, a takarda kawai suke. Shi yasa kibiyar da ake sawa a tsakanin su guda ɗaya ce mai kai biyu, ↔, ba irin biyun nan na ikwilibiriyom ba, ⇌, kuma mai makin yana kallon wannan.

Hujjar kuma awo ne ba surutu ba. A asetet, wato CH3COO⁻, zane ɗaya yana nuna C=O a gefe guda da C–O a ɗaya gefen, da haka ne da ɗaya ya fi ɗaya gajarta, amma in aka auna duka biyun tsayin su ɗaya, wajen fikomita 126. Haka benzin, duka bon shida na zoben wajen 139 ne, alhali singil bon na kabon da kabon 154 ne, dabul kuma 134. Linus Pauling ne ya shimfiɗa wannan tunanin a farkon shekarun 1930, ita kuma lanƙwasasshiyar kibiyar da muke fama da ita ta riga shi, a 1922 ta fara fitowa a aikin Robert Robinson da abokin aikin sa Kermack.

Toh ita kibiyar me take cewa? Abu ɗaya tak, ilektiron biyu sun tashi daga nan sun koma can. Wutsiyar ta dole ta zauna a inda ilektiron suke, wato ko kan lon fiya, ilektiron biyun nan da ke zaune kan atom ɗaya ba a cikin bon ba, ko tsakiyar fai bon, shi fai bon shine layi na biyu a dabul bon. Kan ta kuma yana nuna inda za su sauka, ko kan atom su zama lon fiya, ko tsakanin atom biyu maƙwabta su zama sabon fai bon. Daga nan kaɗai zaka gane kuskuren da na fi gani a takardun yara, mutum ya fara kibiya daga alamar fozitif yana so ya "tura cajin" gaba. Me zaka ɗauka a wurin? Fozitif ai alama ce ta babu, kamar ka je rumbun da ba komai kace zaka ɗebo hatsi. Ilektiron ne ke tafiya wurin fozitif, shi cajin yana canza wuri ne kawai saboda lissafi ya canza.

Mu koma kan tambayar allo. Kabon ɗin ƙarshe yana da bon uku, biyu da haidirojin ɗaya da oksijin, ilektiron shida kenan a kewaye da shi, yana da gurbi. Maƙwabcin sa oksijin yana da lon fiya biyu. Sai ka ɗora wutsiyar kibiya a kan ɗaya daga cikin lon fiyan, ka kai kan ta tsakiyar layin da ke tsakanin O da C, ba kan kabon ɗin kansa ba, dan in ka kai ta kan kabon kana cewa oksijin ya yi kyautar ilektiron ɗin gaba ɗaya ne, alhali tarayya za su yi. Kibiya ɗaya ta isa, saboda kabon ɗin yana da wurin karɓa:

```
CH3–O–CH2(+)   ↔   CH3–O(+)=CH2
```

Yanzu caji. Kada ka yi shi da ka ko da zato, ka ƙirga, lissafin sakan biyar ne. Ka ɗauki ilektiron ɗin zagayen waje da atom ɗin yake da su a asali, ka cire ɗigon da ke kansa, ka cire yawan layukan da ke jikin sa:

```
O:  6 − 2 − 3 = +1
C:  4 − 0 − 4 = 0
```

Oksijin ya saura da lon fiya ɗaya, ɗigo biyu kenan, da layi uku, ya tashi da fozitif ɗaya, kabon ya koma sifili. Jimlar caji a hagu fozitif ɗaya, a dama fozitif ɗaya. In jimlar ta canza tsakanin zane biyu toh ba sai kowa ya gaya maka ba, ka yi ɓarin ilektiron a hanya, koma ka duba.

Anan ne na ce ma ɗalibar nan, ƙanwata ajiye maganar wa ke son caji tukun, ƙirga min ilektiron ɗin da ke kewaye da kowane atom. A zanen hagu kabon yana da shida. A zanen dama kabon yana da takwas, oksijin ma layi uku da lon fiya ɗaya, takwas cif. Wato a dama kowa ya cika oktet ɗin sa, kuma an samu ƙarin bon guda da babu shi a hagu, shi kuwa bon duk inda aka ƙara shi molikul ya ƙara samun natsuwa. Ruɗanin daga alamar fozitif ɗin yake, mutane suna ganin ta a kan oksijin sai su ɗauka an talauta shi ne, alhali bai rasa ko ɗaya daga takwas ɗin sa ba, ya dai sa biyu a hannun jari tare da maƙwabci. Oksijin mai fozitif da bon uku ba baƙon abu bane, shine dai a H3O⁺ da ke cikin kowane ruwan asid. Wanda baya yiwuwa a zanen kirki shine oksijin mai fozitif da ilektiron shida kacal, wannan in ka gan shi a takardar ka goge shi. Dan haka na dama shine babba, kuma dokar farko kenan wadda take gaban duk sauran, zanen da kowa ya cika takwas ya fi wanda wani ke da shida, ko da cajin ya sauka a inda baka so.

Kuma abun yana nunawa a zahiri. CH3OCH2Cl yana sakin kilorin ɗin sa cikin sauƙi ƙwarai fiye da irin su CH3CH2CH2Cl, duk da cewa a duka biyun kilorin a kan CH2 yake, dalili kuwa kataiyon ɗin da zai bari a baya yana da wannan oksijin ɗin da zai rufa masa asiri. Abun mai guba ne kuma yana jawo ciwon daji, ba na wasa a laf ba, misali kawai na kawo.

Sai dai kada ka raina ƙaramin zanen, dan shi ke gaya maka inda za'a kai hari. In ruwa ko wani mai lon fiya ya zo, kan kabon yake sauka ba kan oksijin ba duk da alamar fozitif na kan oksijin ɗin a babban zane, saboda oksijin ɗin a cike yake, ba shi da wurin saukar baƙo. Fomal caji lissafin littafi ne kawai, ba awon ainihin inda ilektiron suka yi ƙaranci bane. Wannan in ka riƙe shi zai taimake ka sosai in an zo kan kabonil da asetal.

Toh yaushe maganar ɗalibar take aiki? Lokacin da oktet bai raba gardama ba. Ɗauki asiton, a cire masa haidirojin ɗaya daga CH3 da bes mai ƙarfi, abun da ya rage shine inolet:

```
(−)CH2–C(=O)–CH3   ↔   CH2=C(–O(−))–CH3
```

Anan negatif ɗin yana nufin akwai lon fiya a kan kabon, ko ba'a zana ɗigon ba yana nan, kuma ina ba kowa shawara ya zana ɗigon da hannun sa kafin ya fara, dan wutsiyar kibiya ta samu wurin zama. Kibiya ta farko daga lon fiyan zuwa tsakanin CH2 da kabon na tsakiya. In ka tsaya anan ka yi ɓarna, ƙirga layukan kabon na tsakiya ka gani, biyu da CH2, biyu da oksijin, ɗaya da CH3, biyar kenan, ilektiron goma. Kabon da naitirojin da oksijin duk 'yan layi na biyu ne a tebur, obital huɗu gare su, takwas ce iyakar su. Ƙasa da takwas yana yiwuwa kamar yadda muka gani a kataiyon, sama da takwas kuwa babu hanya. Saboda haka dole kibiya ta biyu, fai bon ɗin C=O ya tashi ya koma kan oksijin ya zama lon fiya na uku, shiga ɗaya fita ɗaya. Tambayar da zaka dinga yi ma kanka duk sanda kan kibiya zai sauka ita ce, atom ɗin da zai karɓi sabon bon yana da gurbi? In yana da shi kibiya ɗaya, in a cike yake sai ka nemo fai bon a jikin sa da zai iya ficewa, in kuma babu, toh wannan kibiyar bata da hurumi.

Duka zanen biyu kowa ya cika takwas, duka caji ɗaya ne, an yi kunnen doki. Yanzu ne ake duba wa ya fi jan ilektiron, oksijin wajen 3.4 a ma'aunin Pauling, kabon wajen 2.5, sai a ce mai negatif a kan oksijin shine babba. Wannan rabon cajin ne yasa pKa na asiton yake wajen 19 zuwa 20 alhali na irin su furofen, C3H8, yana can wajen 50, tazara ce mai girman gaske in ka tuna kowace lamba ɗaya ninki goma ce. Amma nan ma in ka sa CH3I, yawanci a kan kabon sabon bon yake fitowa, ƙaramin zanen ne dai ya sake nuna hanya.

Akwai tarko a gefen wannan misalin da yake cin mutane. Wani zai zana asiton, ya zana inol ɗin sa, CH2=C(OH)–CH3, ya sa ↔ a tsakani. Duba da kyau, haidirojin ya bar kabon ya koma kan oksijin. Da zarar atom ya motsa, ko da haidirojin ne ɗan ƙarami, an bar rezonans an shiga totoma, abubuwa biyu ne daban kowanne da rayuwar sa, kibiyar su ⇌ ce. Hanyar ganewa mai sauƙi, ƙirga haidirojin ɗin kowane atom a zane na ɗaya da na biyu, in lamba ta canza a wani wuri toh ka karya sigima bon, kuma a rezonans ƙashin molikul baya taɓuwa. Zanen zigizag ɗin nan da ba'a rubuta haidirojin shi ya fi jawo wannan, dan abun da baka gani ba saurin mantawa kake da shi.

Tsakanin oktet da jan ilektiron akwai doka ta tsakiya, wato zanen da ba'a raba caji ba ya fi wanda aka ƙirƙiro fozitif da negatif daga babu. Amaid ne ya fi nuna ta da kyau:

```
O=CH–NH2   ↔   (−)O–CH=NH2(+)   ↔   (−)O–CH(+)–NH2
```

Na farko ba caji, kowa takwas, shine babba ba gardama. Na biyu da na uku duka sun raba caji, amma ba ajin su ɗaya ba. A na biyu kowa na da takwas duk da naitirojin na ɗauke da fozitif, a na uku kabon shida gare shi, dan haka na biyu yana gaban na uku nesa ba kusa ba, kaga dokar oktet ta sake shigowa. Kuma na biyun nan duk da ba shine babba ba nauyin sa ba kaɗan bane, bon ɗin C–N na amaid a furotin wajen fikomita 132 ne alhali na amin na yau da kullum 147, kuma baya juyawa yadda singil bon ke juyawa, shi yasa a NMR na DMF, wato amaid ɗin O=CH–N(CH3)2, zaka ga CH3 biyun da ke kan naitirojin kowanne da layin sa daban a zafin ɗaki, duk da a takarda kamar tagwaye suke.

Wani zai ce toh in haka ne zane nawa zan yi, tunda kullum zan iya ƙara tura wata kibiya? Ni ra'ayi na shine yawan zane ba gwaninta bane. Wanda ya tara caji uku huɗu, ko ya ɗora negatif a kan kabon da fozitif mai ilektiron shida a kan oksijin, ko da bai karya doka ba gudummawar sa kusan sifili ce, ɓata takarda ne. Na fi son in ga zane biyu da aka ƙirga da kyau a kan shida da aka jera dan a burge malami.

Naitirojin ma yana da nasa tarkon. A naitiro, CH3NO2, yara suna son su zana N=O biyu dan su guje ma caji, sai naitirojin ya tashi da layi biyar. Daidai shine N=O ɗaya, N–O mai negatif ɗaya, naitirojin da fozitif, sannan zane na biyu a musanya oksijin ɗin, biyun nauyin su ɗaya kamar na asetet. Wato dokar "a rage caji" bata da ikon sa ka tsallake takwas. Haka kuma naitirojin mai bon huɗu da fozitif irin na –NH3⁺ ba shi da lon fiyan da zai bayar kuma ba shi da gurbin da zai karɓa, fozitif ɗin sa ba irin na kabokataiyon bane, kada ka tura masa kibiya.

Da muka gama wannan a ranar, sai na ba su guda biyu su tafi da su gida:

```
CH2=CH–CH2(+)
CH2=CH–CH2–CH2(+)
```

Washegari ɗalibar nan ta dawo da na farkon daidai, fai bon ya matsa gaba taki ɗaya, fozitif ya koma ɗaya bakin, zane biyu masu nauyi ɗaya tunda kowanne na da kabon guda mai shida. Na biyun kuma tace "Malam na gwada duk yadda zan yi, kabon na uku sai ya tashi da layi biyar." Nace toh amsar kenan. CH2 ɗin tsakiya yana da sigima bon huɗu, ba gurbi, ba fai bon ɗin da zai fice, katanga ce tsakanin dabul bon da fozitif ɗin, kibiyar rezonans kuwa maƙwabci da maƙwabci take aiki bata tsallake gida. Irin rezonans ɗin da muke zanawa da kibiya babu shi a wannan, kuma rubuta "babu" tare da dalilin shine cikakken maki.